Takardun ɗaukar aiki biyu a hannuna, Baba ya ce gwamnati, ni hankalina yana ga kamfani

Ɗan Autan Inna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Na karanta aikin akanta, na gama hidimar ƙasa bara, na yi wata goma sha ɗaya ina zaman jira. Yanzu cikin ikon Allah takardu biyu sun zo mini a mako guda.

Ta farko daga gwamnatin jiharmu, mataki na 8, a wata ma'aikata da ke cikin garinmu. Wani da aka ɗauka kafin ni ya nuna mini abin da ke shiga asusunsa, dubu 92 ne bayan an cire komai. Ta biyu daga wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, sashen lissafi, dubu 260 a wata, amma kwantiragin shekara ɗaya ne, wai ana sabuntawa.

Baba tsohon malamin firamare ne, ya ce kada ma in sake kawo masa maganar kamfani. Ni kuma ina da ƙanne huɗu a makaranta, fanshon Baba ba ya kai mu tsakiyar wata. In na dubi 92 na dubi 260 sai barci ya ƙi zuwa. An ba ni mako biyu in amsa ta gwamnati, saura kwana tara.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ka bi maganar mahaifinka. Ba a sakin reshe a kama ganye. Aikin gwamnati in ka shiga ka shiga ke nan, babu mai korarka har ka yi ritaya. Maigidana shekararsa sha shida yana yi, ba mu yi arziki ba amma ba a taɓa wayar gari an ce masa kada ya zo ba. Kuma ranar da ka je neman aure za ka ga bambanci, don abin da iyayen yarinya ke fara tambaya ke nan.

Sadiq na Sharaɗa:
Hajiya, da girmamawa, dubu 92 me za ta yi wa saurayi mai ƙanne huɗu a wannan zamanin? Ai ɗan hidimar ƙasa ma yanzu dubu 77 yake karɓa. Wato ya gama hidima, ya zama cikakken ma'aikaci, ƙarin dubu 15 kawai ya samu. Abokina, ka tafi kamfani. Ni shekarata biyar a kamfani, na sauya wuri sau biyu, kowane sauyi albashina gaba ya yi. Abokan karatuna da suka shiga gwamnati har yau wasunsu a wurina suke rance kafin wata ya mutu.

Baba Akawu:
Ɗana, kafin kowa ya zaɓa maka, akwai abin da nake so ka duba. Na yi shekara 35 a sashen mulki, bayan ritaya kuma na yi shekara huɗu ina riƙe wa wani kamfani harkar ma'aikata, don haka na ga ciki da wajen kowanne. Ɗauko takardar kamfanin ka amsa mini waɗannan. Sunan wa ke saman takardar, kamfanin da za ka yi wa aiki ko wani daban? Dubu 260 ɗin dunƙule aka rubuta ta ko an rarraba? Kuma me aka ce game da sallama, notis na kwana nawa?

Ɗan Autan Inna:
Baba, na duba. Wallahi ban lura ba sai yanzu, sunan da ke sama ba na kamfanin da na yi intabiyu ba ne, wani ne, an rubuta cewa su za su tura ni can. Kuɗin kuma an raba: ainihin albashi da kuɗin gida da na mota sun tashi dubu 150, wasu alawus dubu 60, sai dubu 50 da aka ce na ƙwazo ne, ana biya idan reshe ya cika abin da aka ɗora masa na ciniki a wata. Notis mako biyu, kowane ɓangare.

Baba Akawu:
To ka ga inda maganar take. Kai ba ma'aikacin wancan kamfanin ba ne, ma'aikacin 'yan kwangilar samar da ma'aikata ne, aro za a ba da kai. Ranar da kamfanin ya raba gari da su, ko ya ce a rage mutum biyar, ba sai ka yi laifin komai ba, mako biyu za a ba ka ko kuɗin mako biyu. Kuma sau da yawa irin wannan ma'aikacin ba ya cikin jerin waɗanda ake yi wa ƙarin girma a ciki, ko da tebur ɗaya yake zaune da su.

Yanzu mu yi lissafi, tunda kai akanta ne. Daga dubu 150 ɗin nan za a cire kashi 8 na fansho, dubu 12 ke nan. A cire haraji. Abin da zai shigo hannunka a wata mai kyau wajen dubu 220 ne. A watan da reshe bai cika ciniki ba, kuma kai da ke ɗakin lissafi ba ka da iko a kan wannan, za ka ga wajen dubu 178. Da wannan ta biyun ake tsara rayuwa, ba da ta farko ba. Don haka tazarar da ke tsakanin ayyukan biyu ba 168 ba ce kamar yadda kake gani cikin dare, 86 ce.

A garinku a gidan Baba za ka kwana, tuwon Inna za ka ci. A Kano fa? Faɗa mini nawa za ka kashe.

Ɗan Autan Inna:
Akwai abokina da za mu raba ɗaki, haya dubu 350 a shekara, nawa ya kama kusan dubu 15 a wata. Abinci ko na matse ba zai gaza dubu 50 ba. Kuɗin adaidaita zai fi na gida da kamar dubu 10.

Baba Akawu:
Dubu 75 ke nan. Cire ta daga 86, saura 11. A wata mai kyau saura 53. Wannan shi ne ainihin abin da ake ba ka don ka bar kujerar da ba ta da wa'adi ka hau mai wa'adin wata goma sha biyu. Ban ce kada ka karɓa ba. Na ce ka san farashin da aka yi maka.

Sadiq na Sharaɗa:
Baba, lissafinku daidai ne amma na shekarar farko ne kawai. A gwamnati daga mataki na 8 sai ya shekara uku kafin a duba shi zuwa na 9, wata shekara ukun zuwa na 10. Shekara shida, ƙarin da zai gani duka bai kai abin da ni na samu a sauyin aiki guda ba. Kuma ku tuna ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Albashin da ke tsaye wuri ɗaya ai ba tsaye yake ba, narkewa yake. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba a sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na dubu 70 ba sai Yulin 2024, jihohi kuma kowacce da lokacin da ta fara biya. Duk tsawon wannan jiran ma'aikacin gwamnati haka ya zauna. Mu a wurinmu sau biyu aka yi mana gyara a tsakanin, don sun san in ba su yi ba za mu tafi.

Abin da yaron nan zai koya a ɗakin lissafin kamfani cikin shekara biyu, daidaita asusun banki, lissafin kayan sito, biyan haraji, rufe littafi duk ƙarshen wata, shi ne jarinsa. Da shi zai nemi wuri na gaba.

Baba Akawu:
Sadiq, a nan ka yi gaskiya, ban musa ba. Na ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa sun zo ofis, an ba su kujera babu aiki, shekara biyar suna rubuta baucan biya iri ɗaya, abin da suka karanta ya tsiyaye. Wannan asara ce da ba ta fitowa a takardar albashi, kuma tana yi mini ciwo har yau. Amma kai ma ka faɗa masa sau nawa ka zauna babu aiki tsakanin sauyin nan naka.

Sadiq na Sharaɗa:
Sau ɗaya, wata bakwai. Na farkon ba ni na tafi ba, rage mu aka yi lokacin da dala ta tashi kaya suka daina shigowa. Na sayar da babur ɗina, bayan wata huɗu na je na nemi kashi 25 na asusun fanshona kamar yadda doka ta yarda wa wanda ya rasa aiki. A nan na tarar wata tara ana cire mini kuɗin ba a zuba ba. Ba zan ɓoye wannan ba. Amma na tashi, kuma inda nake yanzu ya fi.

Hauwa'u Lauya:
Bari in gyara magana ɗaya da Maman Ilham ta yi, don kada ƙaninmu ya shiga da ita a ransa. Ana korar ma'aikacin gwamnati. A Kaduna an sallami malaman firamare sama da dubu 21 bayan jarrabawar da aka yi musu a 2017, a 2021 kuma aka sallami dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi. Wasu jihohin sabuwar gwamnati na zuwa take soke ɗaukar aikin da wadda ta gabace ta ta yi a ƙarshen wa'adinta. Don haka ka tambayi kanka, a wane lokaci aka yi wannan ɗaukar, kuma ta hannun hukumar kula da ma'aikata ta jiha ta biyo?

Bambancin na gaskiya yana wurin hanyar korar. Ma'aikacin gwamnati da aka tabbatar da shi, doka ce ta tsara yadda za a raba shi da aikinsa: a ba shi takardar tuhuma, ya kare kansa, kwamiti ya zauna. In aka tsallake, Kotun Ma'aikata tana iya cewa a mayar da shi bakin aiki a biya shi albashinsa na baya. Ma'aikacin kamfani kuwa ko ya yi nasara a kotu, yawanci kuɗi ake ba shi, ba a tilasta wa kamfani ya ci gaba da zama da shi. Amma ka lura da kalmar "tabbatar". Shekara biyun farko na gwaji ne, kariyarka a cikinsu ba ta kai ta wanda aka tabbatar ba.

Maman Ilham:
Na karɓi gyara, Barista. Amma ko a hakan ai ba a haɗa su ba. Mahaifina a masaƙa ya yi aiki a Kakuri, albashinsa ya fi na maƙwabcinmu malamin makaranta nesa ba kusa ba. Da aka rufe masaƙun nan, malamin ne ya riƙa aiko mana da masara. Ina 'yar shekara sha biyu lokacin, ban manta da ranar da Baba ya dawo da rana tsaka ya zauna a zaure bai cire takalmi ba har magariba. Shi ya sa in na ji an ce kamfani gabana ke faɗuwa.

Ɗan Autan Inna:
Allah ya jiƙan mahaifa, Hajiya. Barista, ta hukumar ta biyo, mun yi jarrabawa da tantancewa, ban ba kowa ko sisi ba. Gwamnatin kuma tana tsakiyar wa'adinta.

Abba Mai Waya:
Ni ban ga abin wahala a nan ba. Ka karɓi na gwamnati, ka samu mai sa maka hannu a rajista, ka tafi Kano ka yi na kamfani. Mutane nawa ke yi? Ko kuma ka bar duka biyun ka zo kasuwa, aikin albashi ai bauta ce.

Malam Nasiru:
Abba, ka ji tsoron Allah, kada ka ɗora yaro a kan wannan. Albashin da ba ka yi aikinsa ba haƙƙin jama'a ne, kuma da shi zai ciyar da iyayensa? Taura biyu ba ta taunuwa.

Hauwa'u Lauya:
Bayan haramcin ma akwai doka. Kundin tsarin mulki na 1999, a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ta kansa, noma kaɗai aka ware. Balle riƙe cikakken aiki a wani wuri. Yanzu kuma da ake tantance ma'aikata da lambar BVN, kama irin wannan ba wuya. Kora ce, a ce ka dawo da abin da ka ci, sunanka kuma ya ɓaci a wuri biyu.

Abba Mai Waya:
To na janye ta farkon. Amma maganar kasuwa tana nan.

Zainab Odita:
Ba kasuwa ya tambaya ba, Abba, ba shi da jari. Ni ga nawa labarin, ko zai yi masa amfani. Na shiga gwamnati a mataki na 8 kamar yadda aka ba shi. Wata biyar na yi kafin albashina na farko ya fito, sai da aka gama shigar da sunana, don haka ka shirya wa wannan, kada ka yi wa Inna alkawarin buhun shinkafa a watan farko. Amma ƙarfe huɗu nake tashi daga aiki, sai na mayar da yammacina na karatu. Da bashin ƙungiyar adashin ma'aikata na biya kuɗin jarrabawar ƙwarewar akantoci ta ICAN, ana cira a albashi kaɗan kaɗan. Shekara huɗu na gama. Yau kamfanoni ne ke nemana, ni ce ban tafi ba saboda yara.

Abin da nake so ka gane, daga gwamnati zuwa kamfani ƙofa a buɗe take in kana da takardar ƙwarewa. Daga kamfani zuwa gwamnati kuwa sai an buɗe ɗauka, kuma ba kowace shekara ake buɗewa ba, ga maganar shekarun haihuwa da ake sakawa. Wannan takardar da ke hannunka ba lallai ta sake zuwa ba.

Sadiq na Sharaɗa:
Anti Zainab, ke kin yi, amma mutum nawa ne a ofishinku suka yi? Yawanci in aka shiga inuwar nan barci ake yi. Kuma kamfani in zai ɗauki mai ICAN yana tambayar me ya taɓa yi da hannunsa. Lissafin gwamnati daban, na kasuwanci daban.

Zainab Odita:
Mu uku ne cikin kusan talatin, ban ƙi taka ba. Amma kai ma ka faɗa mini, wanda ke fita bakwai na safe ya dawo takwas na dare har Asabar, yaushe zai buɗe littafi? Maganar bambancin lissafi kuma gaskiya ce, shi ya sa zan ce masa in ya shiga ya roƙi a kai shi sashen odita ko wurin tattara haraji, kada ya yarda a ajiye shi inda babu aiki.

Baba Akawu:
Saura magana ɗaya da ba wanda ya taɓa, fansho. Ɗana, mahaifinka yana tuna zamanin da gwamnati ke ɗaukar nauyin fansho da garatuti gaba ɗaya. Tun dokar 2004, wadda aka sabunta a 2014, ma'aikacin tarayya da na kamfani tsari ɗaya suke bi: a dokar 2014 ɗin, kai kashi 8, mai aikin kashi 10, a zuba a asusunka na kanka da ke bin ka duk inda ka koma. A takardar kamfanin nan dubu 27 ke nan duk wata, in har suna zubawa, kuma ka ji abin da ya sami Sadiq. Ana ganewa ne ta saƙon da kamfanin fanshonka ke turowa, in wata biyu suka wuce shiru ka je ka nemi bayanin asusu, in ba a gyara ba ka kai ƙara hukumar fansho ta ƙasa, PenCom.

Jihohi kuwa kowacce da dokarta. Wasu sun shiga wannan tsarin, wasu suna da asusunsu na jiha, wasu tsofaffi na shekaru suna jiran garatuti. Ba sai ka je nesa ba, ka tambayi Baba shekara nawa ya jira nasa. Amsar da zai ba ka tana cikin lissafin.

Ɗan Autan Inna:
Shekara huɗu ya jira, kuma kashi kashi aka biya shi. Na tuna lokacin, har gonarsa ta bakin rafi ya jinginar. Duk da haka shi ne ke cewa gwamnati. Da na tambaye shi jiya da daddare, cewa ya yi, "An jinkirta mini, amma ba a taɓa ce mini ba a san ni ba."

Malam Nasiru:
Ka riƙe wannan maganar tasa da daraja, ko da a ƙarshe ba ita ka bi ba. Ka yi istihara, kuma duk abin da ka yanke kada ya ji shi a bakin wani. Ka zauna da shi da takarda da biro ka nuna masa lissafin nan yadda Baba Akawu ya yi maka. Dattijo in ya ga ba zumuɗin kuɗi ke jan ka ba, yana saukowa.

Sadiq na Sharaɗa:
Ni har yanzu ina kan bakana, amma da sharaɗi. Ka koma wurin wanda ya yi maka intabiyu, ba 'yan kwangilar ba, ka tambaye shi kai tsaye: cikin waɗanda aka kawo ta wannan hanyar, mutum nawa suka mayar nasu na dindindin a shekara biyun da suka wuce? Ka nemi ya haɗa ka da ɗaya. Ka kuma tambayi wani a reshen sau nawa aka biya dubu 50 ɗin nan a bara. In ya kasa nuna maka ko mutum ɗaya, ni da kaina zan ce ka zauna a gida.

Ɗan Autan Inna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira su yau da safe. Manajan ya ce sun mayar da mutum biyu a bara cikin goma sha ɗaya, ya ba ni lambar ɗaya, na kira bai ɗauka ba, zan sake gwadawa bayan la'asar. Wata da ke reshen ta ce kuɗin ƙwazon sau bakwai aka biya a wata goma sha biyu. Na kuma je ma'aikatar, wani babba ya ce sababbin ɗauka ba su ke zaɓar sashe ba, amma zai yi magana in na kawo takardar amincewa.

Anti Zainab, nawa kika kashe a matakin farko na jarrabawar, kuma sai an tabbatar da mutum kafin ƙungiyar adashin ta ba shi bashi?

Zainab Odita:
Kuɗin ya sauya sosai daga lokacina, ka duba na bana a wurinsu, kuma ka nemi a yafe maka darussan da digirinka ya riga ya ɗauke. Bashi kuwa a tamu ƙungiyar sai ka yi wata shida kana zubi, ba ruwansu da tabbatarwa, amma kowace ma'aikata da nata tsarin. Ka tambayi ma'ajin tasu ranar da ka koma.